Na miƙa takardar haraji na bar kuɗin aikin gefe, yaya zan gyara?

Tambaya: Salamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin wani kamfani ne a nan Kumasi, a Aboabo nake zaune. A watan Afrilu na 2025 na cike takardar harajina ta shekarar 2024 ta intanet, albashina kawai na sa. Amma a shekarar 2024 ɗin na yi wa wata makaranta aikin gyaran kwamfutoci a ranakun Asabar, jimillar kuɗin aikin sidi 20,000, suna cire wani abu kafin su biya ni. Na ɗauka tunda sun cire shi ke nan. Yanzu wani ya ce dole ne in sa shi. Me zan yi, kuma za a ci ni tara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka haka gaskiya ya faɗa, kuma abin yana gyaruwa. Sai dai abin da zai raba ka da tara shi ne kai ka fara zuwa wurin hukumar harajin Ghana, wato GRA, da maganar, a rubuce, kafin su su zo maka da ita. Duk sauran matakan a kan wannan suka hau, don haka kada ka bari wata ya sake kamawa kana shawara.

Ka fara fahimtar inda doka ta tsaya. Dokar da ke tafiyar da harkar karɓar haraji a Ghana ita ce ta 2016, mai lamba 915. Sashe na 32 ya ce da zarar ranar ƙarshe ta miƙa takarda ta wuce, mutum ba zai canza abin da ya miƙa ba sai da izinin Kwamishina Janar, shugaban GRA. Ga mutum irinka ranar ita ce 30 ga Afrilu, wata huɗu bayan ƙarshen shekara. Da a ce kafin wannan rana ka lura, da sai ka gyara abinka ba neman izinin kowa. Yanzu kuwa ta wuce. Sashen bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa duk wanda ya gano bayanin da ya bayar ba daidai ba ne a wani muhimmin abu, wajibi ne ya kai wa hukuma ƙarin bayani. Wato ba ka da ikon shiga ka sauya adadi a ɓoye, ba ka kuma da ikon yin shiru. Hanya ɗaya ce ta rage: ka rubuta, ka bayyana, ka nemi izinin gyara.

Kada ka yi zaton ba za su gane ba. Makarantar da ta cire maka kuɗi ba aljihunta ta zuba ba, in dai tana bin doka. Duk wata tana miƙa wa GRA jerin mutanen da ta cire wa haraji, zuwa 15 ga watan da ke biye, da sunan kowa da lambarsa da jimillar abin da aka biya shi. Tun Afrilun 2021 lambar katin Ghana ita ce lambar harajin mutum, don haka albashinka da kuɗin makarantar a ƙarƙashin lamba ɗaya suke zaune. Ranar da wani jami'i ya ɗora takardarka a kan wannan jerin, zai ga sidi 20,000 a gefe ɗaya, ya ga babu su a ɗaya gefen. Ba sai an kai ƙarar ka ba.

Abin da ya ruɗe ka ya ruɗi mutane da yawa, saboda cirewar iri biyu ce. Akwai wadda in an yi ta magana ta ƙare, kamar kashi 8 cikin ɗari da ake cirewa daga ribar hannun jari kafin a ba mai ita. Akwai kuma wadda somin taɓi ce kawai, ana riƙe maka ita ne a lissafa a ƙarshen shekara. Kuɗin aikin da mutum ya yi wa wata ma'aikata da ƙwarewarsa, irin gyaran kwamfuta, yana cikin na biyun, kuma kashi 7.5 cikin ɗari ake cirewa. A kan sidi 20,000 hakan ya kama sidi 1,500, abin da ya shigo hannunka 18,500 ke nan. Ka duba takardunka ka gani. In sidi 1,500 ɗin ne aka cire, to ba a rufe maganar ba, an dai biya maka wani ɓangare tun da wuri.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, je makarantar ka karɓi takardar shaidar cire haraji ta kowane biya da suka yi maka a 2024. Haƙƙinka ne, doka ta ɗora musu bayarwa. Idan ta zo hannunka kada ka ninke ka sa aljihu, tsaya a gaban akawun ka karanta. Lambar katin Ghana da ke jiki taka ce, harafi da harafi? Jimillar kuɗin ta yi daidai da abin da kuka yi yarjejeniya? Kwanakin na 2024 ne, ko akwai biyan da ya faɗa cikin Janairun 2025? Sannan ka shiga shafinka a taxpayersportal.com ka ga ko kuɗin da aka cire ya bayyana a asusunka. A nan ne na fi ganin aiki yana tsayawa. Sau da yawa ma'aikata ta cire kuɗin amma ta sa lambar da ba daidai ba, ko ta cire ba ta kai ba. In haka ta faru jami'in haraji ba zai ga sidi 1,500 ɗinka ba, sai ya lissafa maka bashin kamar ba a taɓa cire komai ba. Gyaran wannan a hannun makarantar yake, su ne za su koma su daidaita abin da suka miƙa. Ka bi su da lalama amma ka dage, kuma kada jiran su ya hana ka kai wasiƙarka. Kana iya kaiwa ka ambata cewa shaidar tana tafe.

Tare da wannan ka haɗa bayanin asusun bankinka ko na momo, wato asusun kuɗi na waya, na shekarar gaba ɗaya. Dalilina shi ne mutumin da ya manta da hanya ɗaya ta kuɗi sau da yawa ya manta da ta biyu. Wataƙila ka gyara wa wani mai shago a Adum kwamfuta ya turo maka sidi 600, ko ka haɗa wa wani ofis waya ya ba ka a hannu. Waɗannan ma kuɗin sana'ar ne ko da ba a cire komai a kansu ba. Gyara ɗaya cikakke nake so ka yi. Wanda ya zo ya ce kuskure ne, bayan wata biyu ya dawo da wani kuskuren, ya sa jami'i ya fara tambayar kansa ko saura nawa.

Yanzu lissafi, kuma a nan zan daɗe, don shi ne mutane suka fi kuskurewa. Ba ka faɗi albashinka ba, don haka bari in ɗauka cewa bayan an cire kason fansho na SSNIT abin da ya rage maka a shekara sidi 42,000 ne. In naka ya bambanta sai ka sa adadinka, hanyar ɗaya ce.

Abu na farko, sidi 20,000 za ka rubuta a matsayin kuɗin da sana'ar ta kawo. Ba 18,500 da ka gani a wayarka ba. Sidi 1,500 ɗin naka ne, an biya su ne a madadinka, kuma za su dawo a ƙasan lissafi a matsayin abin da ka riga ka biya. Wanda ya rubuta 18,500 sannan ya sake neman a rage masa 1,500 ya ci sau biyu, kuma adadinsa ba zai dace da na makarantar ba.

Abu na biyu, ba a kan 20,000 ɗin duka za a yanka maka haraji ba, a kan riba ce. Dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mai lamba 896, ta yarda ka cire abin da ka kashe domin samun wannan kuɗin, muddin kacokan don aikin aka kashe shi kuma aikin ba ya yiwuwa sai da shi. Kayan gyara da ka saya daga aljihunka, da ladan yaron da ya taya ka jan waya, duk suna shiga. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa shiga. Idan ka sayi kwamfutar da kake aikin da ita, ba a cire kuɗinta gaba ɗaya a shekara ɗaya, ana rage kashi 40 cikin ɗari na abin da ya rage kowace shekara. Shawarata ita ce abin da kake da rasiɗi ko shaidar momo a kansa kaɗai ka sa. Na san akwai sha'awar kumbura kashe-kashe don bashin ya sauka, amma takardar da aka gyara ana duba ta fiye da wadda ba a taɓa ba, kuma kai da ka zo neman a yarda cewa kuskure ka yi bai kamata a sami adadi ɗaya a takardarka da ba za ka iya karewa ba. Mu ce abin da kake da shaidarsa sidi 4,000 ne. Ribarka 16,000 ke nan.

Abu na uku shi ne wanda yake ba mutane mamaki. Wannan 16,000 ba a yi mata lissafi ita kaɗai, ɗora ta ake yi a kan albashi. Harajin mutum a Ghana hawa-hawa ne. A 2024 sidi 5,880 na farko babu haraji, 1,320 da ke biye kashi 5, sai 1,560 kashi 10, sai 38,000 kashi 17.5, daga nan kuma 192,000 da ke biye kashi 25. In ka tara huɗun farko za ka ga hawan kashi 17.5 yana ƙarewa a sidi 46,760. Albashinka ya riga ya cinye hawan da babu haraji da ƙananan hawa biyu, ya kai ka 42,000. Saura sidi 4,760 kawai kafin ka tsallaka zuwa kashi 25.

To ribar nan ta 16,000 za ta rabu biyu. Sidi 4,760 na farko a kan kashi 17.5, wato sidi 833. Ragowar 11,240 a kan kashi 25, wato sidi 2,810. Ƙarin harajin da wannan aiki ya jawo sidi 3,643 ne. In kana son tabbatarwa ta wata hanya: harajin 42,000 shi ne 6,039, wanda kamfaninka ya riga ya cire daga albashi wata-wata, harajin 58,000 kuma 9,682 ne, bambancinsu 3,643 ɗin nan ne dai. Cire 1,500 da makarantar ta riƙe, abin da ake bin ka ya zama sidi 2,143. Ka ga dalilin da ya sa kashi 7.5 ba ya isar mai albashi: yawancin kuɗin gefensa a hawan kashi 25 suke sauka.

A kan wannan 2,143 akwai kuɗin ruwa na jinkiri, kuma shi bayyana kai ba ya ɗauke shi. Doka ta sa shi a kan kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin ruwan Babban Bankin Ghana, ana kuma tara shi wata-wata, ruwan wannan wata ya hau kan na wancan. A Afrilun 2025 ma'aunin bankin kashi 28 ne, wanda ya ba da kashi 35 a shekara. A kan bashinka hakan ya kama sidi 60 da 'yan kai a wata na farko, kuma in ma'aunin ya tsaya haka wata shida, ya kai wajen sidi 400. Ma'aunin yana sauyawa, don haka jami'i ne zai fitar maka da adadin ƙarshe. Abin da za ka riƙe shi ne ruwan yana tafiya ne a kan kuɗin da ba a biya ba. Duk abin da ka biya yau ya daina haihuwa daga yau.

Tara kuwa wani abu ne daban. Sashe na 74 na doka mai lamba 915 ya ɗauki barin wani muhimmin abu a takarda daidai da bayar da bayanin da ke ɓatarwa. In babu uzuri mai ma'ana, tarar ita ce kashi 100 cikin ɗari na harajin da aka gaza biya, a lissafinmu wasu sidi 2,143 ɗin a kan na farko. In akwai uzuri, kashi 30, wajen sidi 643. Amma gyaran da aka yi wa dokar a 2020, mai lamba 1029, ya buɗe ƙofa: wanda ya bayyana da kansa kuskuren da ya yi ba da gangan ba, kafin jami'i ya gano shi kuma kafin binciken littattafai na gaba, ba a ɗora masa wannan tara, matuƙar ya biya harajin da ruwansa. Idan wasiƙar hukuma ta riga taka, ko sanarwar bincike ce ko tambaya a kan wannan kuɗin, ƙofar ta rufe. Shi ya sa kwanan watan da ke jikin wasiƙarka ya fi duk wata magana da za ka yi da baki nauyi.

Wasiƙar gajera ce, da Turanci, zuwa ga Kwamishina Janar ta hannun shugaban ofishin harajin da fayil ɗinka yake. Sunan ofishin yana cikin bayananka a shafin intanet ɗin. Ka sa cikakken sunanka da lambar katin Ghana, shekarar da ake magana a kai wato 2024, da ranar da ka miƙa takardar farko. Ka faɗi abin da ka bari, daga wa ya fito, nawa ne jimilla, nawa aka cire. Ka faɗi dalili a layi ɗaya ko biyu, gaskiyar da ka faɗa mini: ka ɗauka cirewar ta rufe harajin. Kada ka ƙirƙiri rashin lafiya ko tafiya. Sannan ka nemi abu biyu a fili, izinin gyara takardar a ƙarƙashin sashe na 32, da kuma a ɗauki wasiƙar a matsayin bayyana kai na son rai don kada a sa tara. Ka liƙa kwafin takardar farko, shaidar cire haraji, rasiɗan kashe-kashe, da shafi ɗaya na sabon lissafi inda tsohon adadi da sabo suke gefe da gefe.

Ka buga biyu. Idan ka miƙa a wurin karɓar wasiƙu, ka tsaya har a buga hatimin karɓa mai kwanan wata a kan kwafinka, a sa hannu, sannan ka tafi. Ka ɗauki hotonsa a waya nan take. Na ga mutumin da ya je ofis ya yi wa jami'i bayani da baki, aka ce masa ya dawo mako mai zuwa, kafin ya dawo aka sauya wa jami'in wurin aiki, daga baya wasiƙar bincike ta iske shi ba shi da abin nunawa cewa shi ya fara kawo maganar. Maganar baki ba ta shiga fayil.

Bayan an ba da izini, ofishin ne zai gaya maka yadda za ka shigar da gyaran, ko a buɗe maka takardar a shafin intanet ko ka cike fom a ba su. Ko ta wace hanya, cikakkiyar takarda za ka miƙa, mai ɗauke da albashi da kuɗin sana'a tare, da harajin da kamfani ya cire da wanda makaranta ta cire. Kada ka miƙa wata sabuwa mai ɗauke da 16,000 ita kaɗai, don lissafin zai fara daga hawan da babu haraji ya ba ka adadin ƙarya, kuma shekara ɗaya ta zama tana da takardu biyu masu karo da juna. In ka nemi rangwamen iyali ko na karatun yara a takardar farko, ka tabbata ya biyo cikin ta biyun.

Wajen biya, tun ranar da ka kai wasiƙar ka roƙi jami'in ya fitar maka da takardar biyan asalin harajin, kada ka jira a gama komai. Ana biya ta Ghana.gov, ko ta *222# a waya, ko a banki. Kafin ka danna, ka karanta abu biyu a kan allo: nau'in harajin da shekarar. Kuɗin da aka jefa a shekarar 2025 alhali na 2024 ake bi, bashin yana nan yana tara ruwa, kuma mayar da shi wurinsa sai da wata wasiƙar. Ba a ba kowa kuɗin haraji a hannu, ko a cikin ofis ne. In kuɗin ya fi ƙarfinka a lokaci ɗaya, doka ta ba ka damar neman a tsawaita maka lokaci ka biya kashi-kashi, shi ma a rubuce, sai dai ruwa yana ci gaba a kan abin da ya rage.

Daga nan hukuma za ta daidaita ƙiyasinta ta aiko maka da sanarwa. Ka ɗora ta a kan shafin lissafinka layi da layi. In ta fi naka da yawa, yawanci ɗaya daga cikin ukun nan ne: ba a ga sidi 1,500 ɗin ba, an ƙi wasu kashe-kashe, ko an sa tara duk da wasiƙarka. Kana da kwana 30 daga ranar da sanarwar ta same ka ka shigar da ƙin amincewa a rubuce, kuma ana buƙatar ka biya kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ake jayayya a kai kafin a saurare ka. Duk takardun nan ka adana su aƙalla shekara shida, don tsawon lokacin da hukuma take iya waiwayar shekara ke nan, in kuma ta ga zamba ko babban ɓoyo babu iyaka.

In ka yi wa makarantar aiki a 2023 ma ba ka sa ba, ka haɗa shekarar a wasiƙa ɗaya, kowace da shafin lissafinta, don hawan haraji na 2023 ya bambanta da na 2024. In kuma har yanzu kana aikin, ka gaya wa jami'in ya ƙara kuɗin sana'a a rajistarka, saboda mai irin wannan kuɗi ana sa ran ya ba da ƙiyasin ribarsa tun farkon shekara ya riƙa biya sau huɗu, ƙarshen Maris, Yuni, Satumba da Disamba. A kan ribar 16,000 da albashi irin wanda muka ɗauka, abin da zai fita daga aljihunka bayan cirewar makaranta wajen sidi 540 ne kowane wata uku.